Sitikar Mai Sanyi

Mai Sanyi ake kiransa, har matarsa Umma ma haka take ce masa in ta so tsokana. Gyaran firij ne sana'arsa tun yana saurayi, a wani ɗan shago da ke bayan tashar mota, inda matattun firij suke jingine da bango kamar masu jiran likita. Mutum ne gajere mai faɗin tafin hannu, ba ya son gaggawa, ba ya son a tsaya masa a ka. Kafin ya kwance ko ƙusa ɗaya sai ya kara kunnensa a jikin firij ya yi shiru, ya ce kowane inji da irin kukansa. Daga baya kunnen ne ya fara cin amanarsa. Ƙarar kwamfiresa da janareta ta shekara da shekaru ta cinye masa ji, har ya zama in an kira shi a waya sai dai ka ji yana ta “Na'am? Wa? Ɗaga murya!” har mai kira ya gaji ya nemi wani.

Auta ce, ƙaramar 'yarsu, ta kawo dabara. Wata rana da hantsi ta zauna a tsakar gida da wayarta ta ce za ta haɗa masa linki na WhatsApp, wanda in mutum ya taɓa zai kai shi kai tsaye cikin hira da Baba, ba sai ya ajiye lamba ba. Umma na gefe tana wankin kayan aikinsa, duk a kunnenta aka yi.

Auta ta rubuta https://wa.me/ sannan ta ce, “Baba, kawo lambarka.”

Ya karanto mata tun daga sifilin farko.

“Sifilin nan ba zai shiga ba. Lambar ƙasa ake fara sawa, sai sauran lambobin su biyo a manne. Ba alamar tarawa, ba tazara, ba ɗan layi a tsakani.”

“Shekara nawa ina tare da sifilina, yau ke za ki raba mu?”

“In na bar shi, mutum zai taɓa a ce masa babu wannan lambar.”

Ya ce to a yanke. Sai ta gaya masa ana iya sa saƙo ma a ciki, wanda zai fito a rubuce a akwatin mai nema, shi dai ya danna aikawa kawai. Nan fa Mai Sanyi ya gyara zama. Abin da ya fi ɓata masa rai a duniya shi ne a faɗo masa da buƙata ba gaisuwa.

“Wato ni zan zaɓa musu abin da za su ce mini?”

“Kai za ka zaɓa. Amma mai so yana iya gogewa ya rubuta nasa.”

“Malalata ne, ba za su goge ba. Rubuta: Mai Sanyi, barka da aiki, ya iyali? Firij ɗina ya ƙi sanyi, a taimaka a zo a duba.”

Umma ta yi dariya har kumfa na tashi. “Gari guda za ka koya wa ladabi?”

Auta ta ƙara ?text= a bayan lambar, ta bi da kalmominsa. Ko'ina da tazara ta sa %20, ta ce linki ba ya ɗaukar fili. Waƙafi da alamar tambaya da haruffa masu lanƙwasa kuma ta bar wa wani shafi ya juya mata su zuwa irin waɗannan lambobi, don kada saƙon ya isa a karye. Abin ya fito dogo, mummuna, kamar sawun kaza. Ta taɓa shi a wayarta, sai ga gaisuwar tsaf a akwatin rubutu. Ta danna, wayar Baba ta yi ƙara a aljihunsa, shi bai ma ji ba sai da ta girgiza.

Da yake ba a taɓa linki a takarda, Auta ta mayar da shi tambarin nan mai ɗigo-ɗigo da ake haskawa da kyamarar waya, aka buga sitika. Duk firij ɗin da ya gyara sai ya manna ɗaya a gefen dama, daidai kafaɗar mutum, ya murza da babban yatsa. Gidaje, shagunan kifi, kantin magani, ɗakin malamai na makaranta, ba inda sitikar nan ba ta shiga ba. Shekarun nan su ne mafi daɗi a sana'arsa. Yakan sa tabarau ya karanta gaisuwar da shi ya tsara, ya gyaɗa kai ya ce, “Lafiya lau, madalla,” sannan ya amsa da saƙon murya.

Ya rasu wata safiya a bakin shagonsa, yana zaune, makullin bai ma fita daga hannunsa ba.

Dogo, babban ɗansu, wanda ya koyi aikin a hannunsa, shi ya kawo wa Umma wayar da tabarau. Ta ajiye su a kan teburin ɗakinta. Masu gaisuwa ba su gama ɗaukewa ba wayar ta yi ƙara. Umma ta ɗauka ta karanta a hankali, don karatunta ba mai gudu ba ne. Mai Sanyi, barka da aiki, ya iyali? Sai da ta dafa bango. Ta san daga ina kalmomin suka fito, a gabanta aka rubuta su, amma sanin bai hana tsigar jikinta tashi ba. Maganarsa ce, da tsarinsa da ladabinsa, ta fita ta zaga gari ta dawo gida tana tambayar lafiyar iyali.

Ta danna maɓallin murya ta ce, “Mai Sanyi Allah ya yi masa rasuwa.” Matar da ta aiko saƙon ta kira tana salati, suka yi kuka tare, ba wadda ta san fuskar wata.

Haka abin ya ci gaba. Firij ba ya jin labarin mutuwa, lalacewarsa yake yi. Baƙuwar lamba bayan baƙuwar lamba, duk kalmomi iri ɗaya ba bambancin ko waƙafi, kuma kowane sai Umma ta sake sanar da rasuwar da bakinta, ta sake karɓar ta'aziyya sabuwa fil. Wata rana ma daga wata ƙasa saƙon ya zo, wani da ya sayi tsohon firij aka tsallaka masa da shi. In ta gama amsawa takan buɗe tsofaffin hirarrakinsa ta saurari muryarsa yana cewa wani, “Kar ka ƙara caka wuƙa a ƙanƙara, ina zuwa.” Ta rame. Ko cokali ya faɗi a kicin sai ta zabura ta nufi ɗaki, tana zaton wayar ce. Su kuwa masu firij, in sun gama jajantawa, kunya ba ta barinsu su tambayi wa zai zo, sai su nemi wani can. Shagon ya koma Dogo ne da matattun firij suna kallon juna.

“Umma, ki ba ni layin in sa a wayata,” in ji Dogo.

“In ka sa, me zai faru da wannan?”

Auta ta ce hirar za ta fita daga tsohuwar wayar ta koma tasa, amma ana iya kwashe saƙonnin tukuna.

“Ana iya. Ni ban yarda da ana iya ba. To ke da kika haɗa abin, ki shiga ki canza shi mana, ya daina zuwa nan.”

“Ba ya canzuwa, Umma. Lambar da kalmomin duk a jikin linkin suke, kuma linkin yana jikin sitika. Sai dai a yi sabo, a bi a rufe tsoho.”

Ashe Umma ba ta son ya daina zuwa ɗin ma, sai da aka ce ana iya rufewa ta gane. Ta ce su ba ta lokaci.

Wata safiya ce ta karya ta. Saƙo ya shigo, ta danna maɓallin murya, ta buɗe baki, sai ta ji kanta tana cewa, “Lafiya lau, ya ɗan fita ne, zai zo.” Ta saki maɓallin, saƙon ya tafi. Ta zauna a bakin gado tana kallon hannunta. Ba mantuwa ta yi ba. Daɗin faɗar ne ya tsorata ta, don ta ji za ta iya faɗa gobe ma, da jibi. Mutumin ya amso da godiya, ya ce yana jira.

Ta fito tsakar gida ta kira Dogo da Auta.

“Kai Dogo, je ka gidan nan, an ce ana jira. Kai za ka gaya masa gaskiya, ni na kasa. Ke kuma ɗauko wayarki.”

Auta ta sake rubuta https://wa.me/, ta sa lambar ƙasa, ta cire sifilin Dogo, ta jera sauran. Da ta kai ?text= ta ɗago kai.

“Yaya, me za a ce?”

“Sa kawai: ina da gyara.”

“A gidan wa?” in ji Umma. “Ba gaisuwa, kamar an zo karɓar wuta? Rubuta: Barka da aiki, ya iyali?” Ta tsaya. Wurin suna ne ya rage, Auta na jira da yatsa a sama. Dogo ya sunkuyar da kai.

“Sa Dogo,” ta ce. “Wancan sunan a bar wa mai shi.”

Auta ta gwada. Wayar Dogo ta yi ƙara a aljihunsa, ta kan teburin ɗaki ba ta motsa ba.

Tun daga ranar, in saƙo ya shigo tsohuwar wayar, Umma ba ta amsawa. Takan karanta shi har ƙarshe, ta miƙa wa Dogo, ya je ya yi gyara, ya manna sabuwar sitika a kan ta ubansa. Ta san duk gidan da ya shiga, daga nan ba za a ƙara gaishe da Mai Sanyi ba, kuma ita ce take aika shi. Saƙonnin suka riƙa ja baya, daga kullum zuwa jefi-jefi. Jikinta ya ɗan dawo, shago ya buɗe sosai.

Ba wanda ya san sitika nawa suka rage a gari, shi kansa mai mannawar bai taɓa ƙirgawa ba. Umma tana sa wa layin kati don kada kamfani ya karɓe shi, tana sa wayar caji kowace safiya. In tana aiki a tsakar gida, ƙofar ɗakin a buɗe take barinta.