Tukur da Fulogin da Ya Kafe

A unguwar Gidan Igwai kowa ya san Tukur. Da can ɗan kokawa ne, yanzu janareta yake gyarawa. Ran nan Esther mai ɗinki ta kawo nata, fulogi ya kafe a kan injin.

"Murɗe shi mana! Ina ƙarfin naka?" in ji ta.

Tukur ya tuntsire da dariya. "Injin na alminiyum ne, Madam, ba shi da tauri. In na sa ƙarfi, haƙoran ramin fulogin za su zube."

Ya bar injin ya huce, ya ɗiga man kwance tsatsa, ya jira ya ratsa. Sannan ya ɗan murɗa, ya mayar, ya sake murɗawa, yana lallashi. Da fulogin ya fito, sai ya ɗaga shi sama, yana rawa yana kirari. Duk ƙattin da ya kayar a fage, babu wanda ya sa shi rawa haka.