Maƙalar da Aminin Kawu Bai Buga Ba

Shekarar da na gama digiri na koma Gumel, gidan kawuna, ina taya shi karatu domin idonsa ya soma rauni. Malami ne a wata kwaleji, saura kaɗan ya yi ritaya, kuma yana rubuta maƙalarsa ta ƙarshe a kan tsofaffin rijiyoyin makiyaya daga Gagarawa har zuwa Sule Tankarkar. Uwata yake kirana, saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

Kawu a kati yake rubuta duk littafin da ya karanta, ya jera a kwali. Gara ta shiga kwalin da damina ta cinye rabi. Sai ya buɗe manhajar AI a wayarsa, yana faɗa mata abin da ya tuna, ita kuma tana jero masa manazarta. Ranar da ya miƙo mini takardar jerin, fuskarsa a sake take.

"Uwata, duba na tara. Ashe Malam ya buga aikin nan bai faɗa mini ba."

Malam amininsa ne, wanda ya rasu shekara biyu kafin nan. Tare suka yi ta yawo a babur suna auna zurfin rijiyoyi da igiyar guga, kuma Kawu ya daɗe yana baƙin cikin cewa wahalar Malam ta bi shi kabari. Ga sunansa yanzu a rubuce, ga take, ga mujalla, ga shafuka.

Aikina shi ne in gyara waƙafi da jerin haruffa kawai. Amma a jami'a an koya mana taɓa kowace DOI, wato lambar nan mai farawa da goma da ɗigo, wadda in ka sa ta a shafin binciken lambobin za ta kai ka ga maƙalar kai tsaye. Na zauna a gindin darbejiyar tsakar gida da hantsi, na fara. Ta farko da ta biyu suka fito daidai. Ta uku ta buɗe, sai ga maƙala a kan ciwon haƙori. Ta biyar maƙalar gaskiya ce, take daidai, amma marubutanta wasu ne daban. Biyu kuma shafin ya ce bai san su ba.

Ta tara na bari sai ƙarshe. Shafin bai san lambar ba. Na ce wa zuciyata wannan ba hujja ba ce, tunda harafi ɗaya na iya kuskurewa, kuma tsofaffin mujallunmu da yawa ba su da DOI ko kaɗan. Na nemi taken, babu. Na nemi sunan Malam, sai wasu ayyukansa biyu da Kawu ya riga ya sani. Mujallar kuwa akwai ta, don haka washegari na je laburaren kwalejin, mai kula da wurin ya ciro mini fitowar da aka ambata. Shafukan nan wani ne ya cika su da zancen takin zamani. Na bi jerin abubuwan ciki da yatsa har sau biyu.

Kwana uku ina riƙe da maganar. Kawu har ya ce ranar kasuwar Maigatari zai biya ya sanar da iyalin Malam.

"Kawu, me ka ce wa manhajar lokacin da ta ba ka na tara?"

"Ce mata na yi ta nemo mini maƙalar Malam a kan rijiyoyi."

"Kai ka ba ta sunansa?"

"To wa zai ba ta? Kakarki?"

Ya yi dariya, ni ban yi ba. Na ce masa ba nemowa ta yi ba, haɗawa ta yi: ya ba ta suna da batu, ta ɗinka musu take da shafuka masu kama da gaske. Na faɗa masa batun laburare.

Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da bakin riga.

"Taken ma irin nasa ne, Uwata. Haka zai sa."

"Na sani, Kawu."

"In na bar shi, wa zai duba?"

Bai jira amsa ba. Ya ce Malam bai taɓa rubuta zurfin gaba goma a rijiyar da ya auna tara ba, ba zai sa masa abin da bai yi ba bayan ransa. Ya karɓi biro, ya kusantar da takardar dab da idonsa, ya ja layi a kan na tara da kansa.

Muka gyara waɗanda ke gyaruwa, muka cire na ƙarya tare da jimlolin da suka jingina da su. Maƙalar ta rame. Sunan Malam ya koma sashen godiya, layi ɗaya, cewa tare aka auna rijiyoyin.

Ranar kasuwa Kawu ya shirya ya sa hula, ya zauna a zaure. Har aka kira azahar bai fita ba.