A Kwance Za Ka Ɗauka

Duk wanda ya san Baba Kafinta ya san shi da fensir a bayan kunne da garin katako a gira. Mutum ne da ba ya iya ganin abu a karkace ya yi shiru. Ko gidan mutane ya je gaisuwa, kafin ya zauna sai ya ɗan girgiza kujerar ya ji ko wata ƙafa ta gaza. Matarsa ta sha rantsuwa ba za ta sake fita unguwa da shi ba, amma gobe sai ka gan su tare, tana gaba tana mita, yana baya yana murmushi.

Waya kuwa da tsufansa ya koye ta, kuma 'yarsa Auta ce malamarsa. Kafin ta tafi makarantar koyon aikin jinya a wani gari mai nisa, ta zaunar da shi a kan bencin shago ta ce lokaci ya yi da duniya za ta ga aikin hannunsa. Bidiyonsa na farko, Allah ya jiƙan ido. Rabi rufin kwano ne, rabi babban yatsansa, ga numfashinsa kamar na mai hawan tudu.

"Baba, wannan a cikin kwale-kwale ka ɗauka?" in ji Auta, tana dariya har da riƙe ciki.

Sai ta koya masa. Hannu biyu ake riƙe waya, a manne gwiwar hannu da haƙarƙari, a ɗan buɗe ƙafafu. In abu ya yi nisa, ka matsa da ƙafarka, kada ka jawo shi da yatsa, don jawowa tana ƙara fito da rawar hannu. Haske ya kasance a bayanka. Abu na ƙarshe kuma, wanda ta nanata har ya zauna masa daram: wayar a tsaye. Masu kallon sitatus na WhatsApp da masu TikTok a tsaye suke riƙe da wayoyinsu, suna turawa da yatsa ɗaya, babu mai juya waya saboda kabad ɗin wani tsoho.

Wannan doka ta yi masa daidai, domin ƙofa da kabad dama dogaye ne, suna cika allon waya tsaf. Ba a jima ba ya ƙware. In ya tsaya ɗaukar sabuwar ƙofa, ya manne hannuwa ya ɗauke numfashi, ko kiran sunansa ka yi ba zai amsa ba sai ya gama. Ya ɗauka iyakar ilimin ke nan, Auta kuma ta tafi ba ta kai ga babi na gaba ba.

Ana nan sai ciwo ya faɗo wa gidan. Wata safiya Maman Auta tana shara, tsintsiya ta suɓuce mata, ɓarin jikinta na hagu ya ƙi amsawa. An yi jinya a asibiti, an dawo gida da sanda da jerin motsa jiki. Baba Kafinta ya rage zaman shago, ya kafa mata katakon dafawa tun daga bakin gado har ƙofar banɗaki, ya goge shi sumul kada ya soke ta. Shi da bai taɓa sanin inda ake ajiye gishiri ba, ya zama mai girki. Sannu a hankali ta soma takawa, amma fa duk inda ta ɗaga ƙafa hannunsa na ƙarƙashin gwiwar hannunta.

"Malam, ka sake ni mana. Ni ba ƙwai ba ce."

"In na sake ki kika faɗi, me zan ce wa Auta?"

Tsoro yake ji, tsoro na gaske, kuma bai iya ɓoye shi ba.

Ita Auta jarrabawarta ta ƙarshe ta matso, wadda in ba ta rubuta ta ba sai ta maimaita shekara. Kullum iyayen suna ce mata jiki da sauƙi, ita kuma ta san halinsu, ko gidan ke ci da wuta haka za su ce. Don haka ta sami wata likitar gashin ƙashi a asibitin da take koyon aiki, wadda ta yarda ta duba tafiyar mahaifiyar a bidiyo. Auta ta turo saƙon murya a gurguje, tana tsakanin ɗakunan marasa lafiya:

"Baba, likitar ta ce ka ɗauko mata Umma. Amma wannan karon a kwance za ka ɗauka, daga gefe, yadda za ta ga duk jikin daga kai har ƙafa."

Baba Kafinta ya saurara sau biyu. Magana ce a fili, babu abin tambaya. Ya shiga ɗaki ya tarar da matarsa zaune tana tsefe kai da hannu ɗaya.

"Tashi ki kwanta. Likita ce ta ce."

"Da ranar Allah? Ni da nake neman tashi?"

"Su suka san aikinsu."

Ta kwanta tana gunaguni. Ya gyara mata mayafi, ya jera mata hannuwa a gefe. Da yake gadon ba ya shiga dogon allon wayar, sai ya fara daga kanta ya bi a hankali har yatsun ƙafa, hannu ko gezau. Ita kuwa kunyar kyamara ta sa ta rufe ido ta yi lamo. Ya duba aikinsa, ya ga bai taɓa yin mai kyau kamarsa ba, ya tura.

Bai kai ga ajiye wayar ba ta hau ruri.

"Baba! Me ya sami Umma? Tun yaushe ta koma haka?" in ji Auta.

"Lafiyarta ƙalau. Ba ke kika ce a kwance ba?"

Sai a lokacin Auta ta gane abin da ya faru.

"Wayar, Baba. Wayar ce za ta kwanta, ba Umma ba. Tafiyarta ake son gani."

Maman Auta da ke jin su daga gado ta fashe da dariya har da tari. Amma Auta ba ta yi dariya ba. Abin da idonta ya gani ya riga ya shiga ranta, uwarta miƙe, ido a rufe, ba motsi. Ta ce ita ba ta yarda ba, ɓoye mata suke yi, in ba ta ga Umma tana tafiya da ƙafafunta yau ba, gobe da sassafe tana hanya, jarrabawa ta sha zamanta.

Nan take dariyar uwar ta ɗauke. Ta yunƙura ta zauna. "Miƙo min sandata," ta ce. "Yarinyar nan ba za ta zubar da wahalarta a kaina ba."

Auta ta yi masa bayani dalla-dalla. Likitar a kwamfuta za ta kalla, allonta mai faɗi ne kamar na talabijin, irin yadda ake ɗaukar dogayen bidiyon YouTube. Na tsaye in ya hau kansa sai ya zama ɗan siriri, baƙi dama da hagu. Kuma mai tafiya gefe yake nufa, taku kaɗan zai fice daga allon tsaye, sai ka bi shi da waya, hoto ya yi ta lilo. In wayar ta kwanta, hanyar duka za ta shiga, ba sai ya motsa ba.

Suka fito tsakar gida. Gwajin farko ya yi shi riƙe da waya a hannu ɗaya, matarsa a ɗaya, abin da ya fito kunnenta ne da igiyar shanya. A na biyu ya tsayar da ita jikin bango ya ja baya kaɗan, amma ya danna ɗauka tukuna sannan ya tuna ya juya wayar. Da suka kalla sai ga Maman Auta manne a gefen allo, kai na kallon gabas.

"Ka ga ka sake kwantar da ni," ta ce.

Ya gane: a juya tukuna, sannan a danna. Sai dai ya gane wani abu kuma da ya fi wannan nauyi. Kafin ta shiga allon daga ɗankwali har silifa, da hanyar da za ta bi, sai ya ja baya har bakin ƙofar gida. Daga can, in ta yi tangaɗi, hannunsa ba zai kai ba.

Ya je ya tsaya. Ya kwantar da wayar, ya manne gwiwar hannu da haƙarƙari, ya ɗauke numfashi. A banza. Hannun da ya ɗauki ƙofofi ba adadi ba tare da rawa ba, yau karkarwa yake, bangon gidan sai rawa yake a allo.

"Ba zan iya ba, Maman Auta. In kika faɗi fa?"

"In na faɗi ka ɗauke ni. Yau ka fara? Nemi abin da za ka ɗora wayar a kai."

Ya leƙa bayan ɗaki ya ɗauko guntun katako, ya ja masa zarto ya fitar da tsagi daidai kaurin wayar. Ya ɗora shi a kan doguwar kujera, tsayin ƙugun mutum, ya zura wayar a kwance, ya leƙa ya ga layin bango ya miƙe. Ya danna. Sannan ya zagaya ta bayan kujerar, ya je ƙarshen hanyar, kusa da ƙofar kicin, ya tsaya inda kyamara ba ta kai ba, ya miƙa hannuwa biyu.

Ta saki bangon. Sanda ta fara sauka, ƙafar hagu ta biyo tana ɗan jan ƙasa, sannan ta dama. A tsakiya ta tsaya, jikinta ya ɗan karkata, har ya ɗaga ƙafa zai rugo. Ta watsa masa harara, ya koma. Ta ci gaba, gumi na tsattsafo mata a goshi, leɓenta a cije, har ta iso gabansa.

Ba ta kama hannun nasa ba. Ta raɓa shi ta shige kicin, inda rabonta da shiga tun ranar da tsintsiya ta faɗi. Wayar tana can tana ɗaukar tsakar gida babu kowa, sai ga murya ta fito:

"Innalillahi! Malam, wa ya ƙona min gindin tukunyar nan? Kuma wannan murfin na wace ce? Haka ka mayar min da wuri?"

Haka ya tura bidiyon, bai yanke komai ba. Can sai ga saƙon Auta, tana jan hanci, dariya da kuka sun haɗe mata.

"Na tura wa likita. Baba, har ta soma faɗa? To shi ke nan, na zauna. Ka ce mata sai na gama."

Ya zauna a dokin ƙofar kicin da wayar a cinya. A ciki ana ta ƙarar murafai, ana lissafo laifuffukansa ɗaya bayan ɗaya. Ya sa gefen riga ya share ido.

"Da kai nake, Malam, ko ba ka ji ne?"

"Ina jin ki," ya ce. "Ci gaba."