Leda a Gonar Maharazu

Duk wanda ya zauna a Karaye kafin a gina madatsar ruwan Challawa ya san Maharazu mai jakai. Ɗan siriri ne, ga surutu kamar me, kullum hularsa futu-futu da toka. Sana'arsa kwasar juji. Mata su share gida, a zuba toka da kashin awaki a bakin unguwa su ruɓe, da rani shi kuma ya cika mangala ya kai wa manoma. Mai kyan cikin takin kuwa gonarsa ta gado a hanyar Kurugu yake kai wa, don ita ke ciyar da gidansa.

Da ruwan dam ya tashi ƙauyuka, gari ya cika maƙil, shara ta fi ƙarfin jakai. Sai tifa ta riƙa zuwa ranar tsaftar muhalli, Asabar ɗin ƙarshen wata, leburori su loda ta da shebur. Ana nan, wata shekara aka ce ta lalace, shiru kake ji. Juji ya hau hanya, ya toshe kwata, ga ƙuda, ga damina ta ƙarato.

Mai unguwa Uba ya tara magidanta. Duba-gari ya ba da shawara a yi gayya: toka da kashin dabbobi a ware don gona, leda da gwangwani da kwalabe a haƙa rami nesa da rijiya a binne.

Maharazu ya ƙyalƙyale da dariya.

"Ranka ya daɗe, yaushe aka fara binne taki? A bar mini shi duka, ina so."

"Malam Maharazu, sharar yanzu ba irin ta da ba ce," in ji duba-gari.

Ina! Ko a jikinsa. Shi a saninsa, duk abin da ya kwana a juji ƙasa tana cinye shi. Ya kwashe tsibin nan kakaf ya baza a gonarsa, unguwa tana ta sa masa albarka.

Ruwa ya sauka, aka yi huɗa, ledar ta shige ƙasa. Dawa ta fito tsilli-tsilli, saiwa ta kasa ratsawa, ganye ya yi ɗorawa. Duk inda ya kafta fartanya sai ta fito da baƙar leda, fasasshiyar kwalba kuma ta yanke shi a ƙafa. Abin da ya girbe ko rabin rumbu bai kai ba. Abin tausayi, surutun nan duk ya ƙare.

Unguwa ta koma kan maganar duba-gari, aka haƙa ramin. Shi kuwa ya yi shekaru yana tsince leda a duƙe, ba ta ƙare ba, har 'ya'yansa suka gaji suka tafi Kano neman abinci.

Ranar da Mai unguwa ya biyo ta gonar, ya tarar da shi zaune a kan kunya, hawaye na bin gemunsa.

"Sannu, Malam Maharazu. Sai haƙuri."

"Ranka ya daɗe, da wani ne ya yi mini, da na samu wanda zan yi wa Allah ya isa. Ni na kawo wa gonata ledar nan da hannuna."