Wanda Ya Ji Kafin Tsoho Ya Rikice

Shekarar da na dawo Kafanchan daga jami'a, na dawo da wani littafi da nake ji da shi fiye da takardar digirin kanta. Mujalladi ɗaya ne mai kaurin bulo, ya tattara maruwaita hadisi birjik, kowa da layi ɗaya ko biyu: sunansa, matsayinsa, zamaninsa, shekarar rasuwarsa. Wannan amintacce, wancan mai gaskiya, wane mai rauni, wane an watsar da shi. Ni malamin sakandare ne, na saba taƙaita rayuwar ɗan Adam a layi guda ƙarshen kowane zango, saboda haka littafin ya kwanta mini a rai.

Limamin masallacin unguwarmu, can wajen layin dogo, wani dattijon Bafulatani ne da kowa ke kira Modibbo. Tun ina firamare yake ba da karatu bayan la'asar. Hausarsa takan mai da mace namiji in zance ya yi sauri, amma Larabcinsa ba ya tuntuɓe. A wata daminar ya koya wa mutane wata doguwar addu'a da ake yi a salla kafin sallama, ya faɗi Sahabin da ya ruwaito ta da littafin hadisin da take ciki. Tsofaffi suka yi ta haddacewa.

Ni kuwa na koma gida na nemo hadisin, na jera mutanen isnadinsa, wato sarƙar wane ya ji daga wane har zuwa Sahabi, na shiga duba su ɗaya ɗaya a bulona. Duk lafiya sai mutum guda, wani Bakufe, wato mutumin garin Kufa, da ya ruwaito daga mahaifinsa. A gaban sunansa an rubuta kalmomi biyu, ma'anarsu: mai gaskiya ne, ya rikice. Na san abin da ake nufi. Tsufa ya taɓa haddarsa, ya riƙa cakuɗa hadisai.

Wanda bai taɓa zama sabon mai digiri ba ba zai gane daɗin da na ji ba. Na rubuta shafi guda cewa hadisin mai rauni ne, na yi fotokofi, na raba bayan sallar Juma'a. Ban ambaci Modibbo ba, amma unguwar ba ta da liman biyu.

Cikin mako biyu samari suka janye daga karatun la'asar. Wasu suka fara kiransa mai da'ifi, wato mai raunannen hadisi, a bayan idonsa. Sai shugaban kwamitin masallaci, wani tsohon ma'aikacin reluwe, ya tare ni ya ce ranar Lahadi za su zauna. Limanci dai na Modibbo ne, amma karatun la'asar ana tunanin miƙa shi ga mai ilimin zamani. Na yi kawaicin da ake yi in ana ba mutum abin da yake so.

Ranar Alhamis aka ce Alhaji mai citta yana nemana. Wannan mutum ya yi shekaru yana karatun hadisi a ƙasar waje, ya dawo ya ƙi kujerar kowa, ya kama sana'ar mahaifinsa ta sayen citta daga manoman Kwoi. Na same shi a sitonsa da hantsi, buhuna har rufi, ƙamshin citta na sa atishawa. Wata mata 'yar Kwoi da ke tsince masa citta a bakin ƙofa ta dube ni da takarda a hannu.

"Alhaji, ka sake kama wani?" in ji ta. "Oga Ticha, ka ci abinci dai ko? Wanda ya shiga wancan ɗaki, sai yamma."

Ɗakin yana ƙuryar sito. A ciki akwai kabad biyu, littattafai naɗe cikin leda saboda danshin damina.

"Ticha, na ga takardarka," in ji Alhaji. "Rubutun ya yi kyau."

"Na gode, Allah gafarta Malam."

"Rubutun na ce. Zauna. Mutumin nan da ya rikice, yaushe ya rikice?"

Na ce a ƙarshen rayuwarsa.

"Madalla. Kafin nan fa, shekarun da yake da lafiya, bebe ne?"

Ya buɗe kabad ya nuna mini wani littafi mai mujalladai talatin da wani abu, jere kamar taragon jirgi. Ya ce nawa ɗin jikan wannan ne: an taƙaita wannan, aka sake taƙaita taƙaitawar, sannan aka samu nawa. Sunayen a jere suke bisa haruffa, ya ce in ciro mutumina da kaina. Wanda na sani da kalmomi biyu sai ga shi ya ci shafuka.

"Kada ka yi tsalle zuwa hukunci," in ji shi. "Masu wannan aiki daga sama suke farawa. Karanta malamansa."

Na bi jerin waɗanda ya ruwaito daga gare su, ga mahaifinsa a ciki. Ya ce to, wannan gaɓa ta haɗu. Sai jerin ɗalibansa. Ya tambaye ni wa ya karɓi addu'ar daga bakinsa a isnadin Modibbo. Sai da na duba takardata, domin ban taɓa ɗaukar wannan tambaya da muhimmanci ba. Wani mutumin Basra ne, amintacce. Ga sunansa a jerin, da ɗan harafi a gefensa, alamar littafin hadisin da ruwayarsa daga wannan malami take ciki. Littafin da Modibbo ya ambata ne.

Daga nan muka shiga maganganun masu tantance maruwaita, kowace magana da sunan mai ita. Na farko ya ce wanda ya ji daga Bakufen tun da wuri, jinsa ingantacce ne, wanda ya ji daga baya kuwa ba komai ba ne. Na biyu ya lissafa wasu tsofaffin ɗalibai da suka ji da wuri, kuma ɗan Basran nan ba ya cikinsu. Na uku ya ce ruwayar mutanen Basra daga gare shi akwai cakuɗe da yawa, domin a ƙarshen rayuwarsa ya je musu.

Na ɗaga kai. Ina jin har murmushi na yi.

"Ɗan Basra ne, Malam."

"Haka ne. Ka ci. A kawo maka lemo?" Ya miƙa hannu ya zaro wani siririn littafi da aka keɓe don maruwaitan da suka rikice kaɗai. "Kafin lemon ya zo, karanta nan."

A nan masu tantancewa biyu suka cire ɗan Basran da sunansa daga cikin mutanen garinsu, suka ce shi ya ji kafin malamin ya canza. A ƙasa kuma ga wani ɗalibi da ya ji kafin rikicewa da bayanta, bai bambance ba, aka dakatar da ruwayarsa duka. Na karanta wurin sau uku, bai sauya ba.

Abin da ya kama ni a lokacin, har na ɗan manta da kunyata, shi ne irin wahalar da mutanen nan suka sha. Tsoho ɗaya ya ruɗe a wani gari mai nisa, ba su jefar da shi ba, ba su kuma rufa masa asiri ba. Sun bi ɗalibansa ɗaya ɗaya suna tambaya: kai yaushe ka zauna gabansa, a wane gari, a zuwansa na farko ko na ƙarshe? Suka rubuta, aka gada, har ya iso sito a Kafanchan.

Alhaji bai sake ni nan ba. Sai da muka duba mahaifin, da ɗan Basran, da wanda ya karɓa daga gare shi, muka auna shekarun rasuwa mu ga ko haɗuwa za ta yiwu. Ya ce littattafan nan ba sa yanke wa hadisi hukunci, kayan aiki ne, sai an tara hanyoyinsa an gwada. Ya buɗe mini wata hanya dabam da addu'ar ta zo ta ita daga Sahabin nan.

"Ƙaramin littafinka bai yi ƙarya ba," in ji shi. "Ya ce ya rikice ne don ka tsaya ka tambaya. Kai kuma ka ruga wurin mai fotokofi."

Na roƙe shi ya zo zaman Lahadi ya yi bayani.

"Ni na raba takarda?"

Na ce to ya ara mini mujalladin. Ya ce in guda ya ɓata sauran sun zama marayu. Ya ba ni biro, na kwafe maganganun da hannu, kowace da mai ita da lambar shafi. Matar nan ta yi gaskiya, sai yamma na fito.

Ranar Lahadi bayan azahar kwamiti ya zauna a barandar masallaci, samari sun cika gefe, Modibbo yana kan buzunsa yana jan carbi. Na nemi izini na tashi. Na ce hadisin da na raunana ingantacce ne, kuskuren nawa ne, na karanta abin da na kwafo daga farko har ƙarshe. Ban taɓa jin muryata ta yi mini tsawo haka ba, ko a aji na ranar Litinin.

"To, Ticha," in ji shugaban kwamiti, "shekaranjiya da'ifi, yau sahihi. Jibi kuma mu sa ran me? Mu a reluwe in sigina ta yi haka, jirgi biyu ke karo."

Aka yi dariya, har da samarin da suka fi kowa yaɗa takardata. Wani daga cikinsu ya ce ai ya riga ya aika wa ɗan'uwansa a Kujama. Na ce zan rubuta ta biyu. Na rubuta kuwa, sai dai ban yi imani ta yi tafiyar da ta farko ta yi ba.

Da aka lafa, Modibbo ya dube ni.

"Ɗana," ya ce, "ni malamina ya ce mini ya inganta, na riƙe. Dalilin kuwa yau na ji shi. Wannan ɗan Basra da ya je da wuri, Allah ya saka masa. Maimaita mini sunansa."

Na maimaita. Ya sa na rubuta masa a gefen littafinsa, daidai kan addu'ar.

Shugaban kwamiti ya duba takardar ajandarsa, ya ninke ta, ya ce batu na gaba shi ne rufin da ke yoyo ta gabas. Da aka yi la'asar Modibbo ya buɗe littafi inda ya tsaya. Samarin ba duka suka zauna ba, amma an fi na makon jiya. Na samu wuri kusa da ginshiƙi na zauna, ya ce in matso, idonsa ba ya ganin ƙananan rubutun gefe, in riƙa karanto masa.