Ranar da Kilishin Malam Jibo Ya Yi Furfura

Malam Jibo haifaffen Bungudu ne, ɗan gidan mahauta. Tun yana saurayi ya gane ba ya son hayaniyar kwata, sai ya karkata ga kilishi, ya dawo Gusau ya kafa teburinsa a bakin tashar da ake lodin motocin Tsafe. Shekara talatin da 'yan kai ke nan. A unguwar Damba yake zaune da matarsa Delu, wadda ita ke haɗa masa labu, wato kwaɓin tunkuza da citta da kanumfari da masoro da barkono da albasa da gishiri da ake tsoma nama a ciki. Shi kansa bai san awon haɗin ba. Ya tambaye ta sau ɗaya a farkon aurensu, ta ce masa ya ji da wuƙarsa.

Aikinsa bai taɓa canzawa ba. Tsoka zalla yake saye, ta cinya, ya bi ta ya tsince kitse da jijiya, domin kitse ba ya bushewa, kuma idan zafi ya dake shi yakan yi warin tsohon mai. Sai ya fere tsokar fale-fale, ya ɗaga ta saitin rana ya duba ko haske na ratsa ta. Ya shanya a kan gadon kara mai tsayin ƙugu, ya rufe da gidan sauro. In ta bushe ya tsoma a labu, ya sake shanyawa, sannan ya gasa sama-sama a kan garwashi. Bayan nan ya baza shi a inuwa ya huce sarai kafin ya shiga akwatinsa mai raga a gefe. Ranar da hadari ya rufe gari kuwa ko nama ba ya saye.

Abin da ya sa aka san shi ya fi daɗin kilishin, shi ne tambaya. Ba ka isa ka miƙa kuɗi ka karɓa ka wuce ba.

"Ina za ka da shi? Kwana nawa zai yi? A cikin mi za ka aje shi?"

In ka ce leda, sai ya janye hannunsa. A takarda mai tsabta yake naɗewa, ya ce in an isa gida a rataye inda iska ke kaɗawa, nesa da rana da randa da ɓera. An taɓa ganin ya bi wani malamin makaranta har bakin mota ya ƙwace ƙunshin da ya sayar masa, don ya ga yana shirin cusa shi a jaka ɗaya da ruwan sanyi.

Babban abokinsa, kuma babban mai tsokanarsa, shi ne Mahadi, direban bas da ke zirga-zirga tsakanin Gusau da Tsafe. Mahadi mutum ne mai gaggawa, ko gaisuwa a tafe yake yin ta.

Wata Litinin a ƙarshen bazara, an yi ruwan farko ya ɗauke, gari ya ɗauki irin zafin nan mai danƙo da riga ke manne wa mutum a baya, Mahadi ya iso a guje daidai lokacin da Jibo ke sauke kilishi daga wuta.

"Malam Jibo, ƙunsa mini wanga duka. Surukata Inna Tambaya za ni kai ma can Tsafe."

"Bai huce ba."

"Motata ta cika!"

"To ta cika mana. Shi dai bai huce ba."

Jibo ya ɗauki buta ya zagaya don ya kama ruwa. Kafin ya dawo Mahadi ya tattare kilishin da ɗuminsa, ya danna a baƙar leda, ya ƙulle ta tamau, ya ajiye kuɗin a ƙarƙashin faranti, ya yi gaba. Jibo ya tsaya da buta a hannu yana kallon hayaƙin bas.

Ledar ta shiga ƙarƙashin kujerar baya. Mahadi ya yi niyyar kai saƙon a ranar, amma gaisuwar Inna Tambaya ba ta ƙarewa ƙasa da awa guda, ga fasinja na jira. Ya ce sai gobe. Gobe ma ya ce sai gobe. Bas tana wuni a rana, leda tana gumi daga ciki, har Asabar ta zo. Ran nan ya sa sabuwar riga ya shiga gidan, ya tarar da Inna da ƙawayenta uku a tsakar gida. Ya durƙusa ya miƙa leda, ya ƙara da cewa na Malam Jibo ne, ba irinsa duk Zamfara.

Inna Tambaya ta kwance ƙulli, ta leƙa, ta kau da hanci, ta sake leƙawa.

"Mahadi," in ji ta, "wanga nama ya girme ni. Dubi furfura."

Ƙawayen suka karɓa suna miƙa wa juna. Ɗaya ta tambaya ko ba a feɗe dabbar ba ne aka shanya ta da gashinta. Mahadi ya karɓe ledarsa ya ce bari ya duba mota, bai sake komawa cikin gidan ba.

Da la'asar ya dira a gaban teburin Jibo, ya dangwarar da ledar, ya ɗaga murya yadda duk tasha za ta ji. Direbobi da masu lodi da masu sayar da rake suka taru, don ba a taɓa jin an kawo ƙarar kilishin Jibo ba.

Jibo ya matso. Ya zura yatsa a cikin ledar, ya fito da shi a jiƙe, ya nuna wa jama'a.

"Wanga ruwa daga ina? Ni na zuba shi?" Ya juya ga Mahadi. "Ran da ka ɗauka, mi na ce maka?"

Mahadi ya yi ƙasa da murya. "Ka ce bai huce ba."

"Kwana nawa ya yi a mota?"

"Biyu. Ko uku."

"Yau Asabar," in ji wani mai lodi daga baya, aka fashe da dariya.

Jibo ya yi musu bayani kamar mai wa'azi. Ya ce kilishi mai ɗumi yana fitar da tururi, in aka ƙulle shi a leda tururin ba ya da hanyar fita, sai ya koma ruwa ya kwanta a jikin naman, kuma danshi da zafi su ne uwa da uban hunhuna, farin gashin nan da ya tsiro wa naman. Wani ya ce ai ana iya kankare farin a sake gasawa. Jibo ya ce wanda ke sha'awar kwana a asibiti ya gwada, amma ba da naman da ya fito daga hannunsa ba, domin abin da ido ya gani a sama ya riga ya yi saiwa a ciki, wuta kuma ba ta goge shi. Ya ɗauki ledar zai juye a garwashi.

A wajen juyewar ne yatsunsa suka ci karo da wani yanki. Ya matsa shi, ya ji yana lanƙwasawa kamar fatar takalmi, tsakiyarsa da kauri da laushi. Ya laluba wani, ya ji zaren kitse a gefensa. Ya watsa su cikin wuta da sauri. Jama'a suka watse suna yi wa Mahadi sowa, shi kuwa Jibo ya tattara kayansa tun kafin magariba.

A gida Delu ta ga ya tasa tuwo a gaba yana kallo.

"Malam, an ce ka ci shari'a. Ko ƙarya aka kawo mini?"

Ya gaya mata abin da yatsunsa suka taɓo. Ya ce ko da kilishin nan ya huce, yankin nan mai kauri ba zai yi mako ba, don bai bushe har ciki ba. Ya ce bai san yadda aka yi ya wuce shi ba, alhali kowane yanki yana ɗagawa ya duba.

"Ɗagawa dai kana yi," in ji Delu. "Dubawar ce ban sani ba. Shekara guda ke nan ina bin bayanka ina tsince kitsen da ka bari in ka juya. Rannan ina gidan suna, shi ya sa."

"Shekara guda ba ki faɗa ba?"

"Na faɗa. Ran da ka gai da turmi ka ce sannu Hajiya, mi na ce maka?"

Jibo ya yi gardama kwana biyu, yana cewa ubansa ya mutu da shekara tamanin yana zura zare a allura. A rana ta uku Delu ta ce ba za ta ƙara kwaɓa labu ba sai an duba idon. Ba shi da awon haɗin, don haka ya tafi asibiti. Aka auna shi, aka rubuta masa tabarau mai kauri kamar gindin kwalba.

Ranar da ya fara sa shi, da ya isa wurin shanya sai ya ja da baya yana salati. Gidan sauron da yake cika baki da shi ashe ya yi huji ya fi goma, ƙudaje suna shiga suna fita kamar gidan ubansu. Ya zauna a ƙasa ya riƙe kai. A ranar bai sayar da ko yanki ɗaya ba. Abin da ya shanya da safen ya zubar, ya wanke gadon karan da ruwan zafi, ya shiga kasuwa ya sayo sabon gidan sauro mai ƙananan idanu.

Sannan ya yi abin da 'yan tasha ke ba da labari har yau. Ya kira Mahadi a gaban mutanen da suka yi masa sowa, ya ce su saurara.

"Laifin leda naka ne, laifin kwana biyar naka ne. Amma akwai yankin da ban fere daidai ba, wanga nawa ne. Na sani tun rannan, na yi shiru."

Mahadi ya buɗe baki zai yi murna, Jibo ya matso ya ƙare masa kallo ta cikin tabarau.

"Ikon Allah. Mahadi, haka ka tsufa?"

Ya yi sabon kilishi na musamman, ya bar shi ya huce har sai da yanki ya karye ƙaras a hannunsa, ya naɗe a takarda. Ya ƙi ba Mahadi saƙon. Da kansa ya shiga gaban bas ya ɗora ƙunshin a cinya, ya sauke gilashin motar don iska, ya kuma kare shi daga rana da hularsa har Tsafe. Inna Tambaya ta karya, ta shinshina, ta tauna, ta ce wannan kam yaro ne. Gaisuwarta da Jibo ta ci awa biyu, domin sun gano kakarsa 'yar Tsafe ce, Mahadi yana waje yana danna hon fasinja suna zaginsa.

Yanzu Jibo ya doshi sittin da biyar. Yana rage yawan abin da yake yi in bazara ta tsananta, ya ce gara ya ƙare da wuri da ya kwana a akwati mai zafi har mansa ya juya. Da safe shi da Delu suke zama su bi tsokar tare, yana ferewa tana dubawa, kuma suna yawan musu a kan wanda ya fara hango kitse. Kwanakin baya ta ce zare ya fara yi mata wuyar shiga allura, ya ce zai raka ta asibitin ran Talata.