Allon da Malam Labbo ya goge

A unguwar Kpébié da ke Parakou akwai wani gida mai bishiyar mangwaro a tsakar gida. Nan Malam Labbo yake zaune da matarsa Hadjo tun da ya yi ritaya daga koyar da lissafi. Ɗan Djougou ne, daga gidan fataken goro. Mahaifinsa ya so ya gaje shi a kasuwa, amma yaron ya bi boko, ya ƙare da alli a hannu. Ya koyar a Djougou da Natitingou, daga baya aka kawo shi Parakou.

Waɗanda suka yi karatu a hannunsa suna tuna shi da abu biyu. Na farko, yana raba allo gida uku da layi a tsaye, ya yi ƙananan rubutu masu tsabta, har babban lissafi ya shige allo guda ba tare da an goge komai ba. Na biyu, ba ya fita aji ya bar rubutu a allo. A makarantun da ya yi aiki ɗakuna ba sa isa, ajin da ya tashi wani ne zai shigo, shi kuwa yana ganin rashin mutunci ne abokin aiki ya tarar da allo a cike. Sauran malamai suna sa ɗalibi ya goge. Shi da kansa yake ɗaukar tsumma.

Bayan ritaya hannunsa na dama ya fara rawa. Da farko sai in ya ɗauki kofin shayi ake lura. Likita ya ba shi magani, ya ce ciwon ba ya warkewa, sai dai a rage masa gudu. Idan ya sha maganin da safe, hannun yakan natsu na ɗan lokaci. Wata rana ya natsu, wata rana ya ƙi.

A cikin wannan hali ne Rachida ta neme shi. 'Yar ƙanwarsa ce, tana aikin taimaka wa ungozoma a ɗakin haihuwa na Kolokondé, a karkarar Djougou. Ta taɓa zama jarrabawar BAC, ta kammala sakandare, ta faɗi a lissafi. Tana so ta sake zama daga gida, don ta shiga gasar makarantar ungozomomi, kuma an gaya mata shekarunta sun kai bakin iyakar da ake karɓa. In ta rasa bana, ƙofar ta rufe.

Ɗan Malam, Umar Faruƙ, da ke aiki a Cotonou, shi ya haɗa su. Ya kawo wa mahaifinsa tsohuwar kwamfuta da wata baƙar tablet mai alƙalami, irin wadda ba ta da gilashin kallo: ka rubuta a kanta, rubutun ya fito a fuskar kwamfuta. Ya nuna masa yadda ake buɗe kiran bidiyo, a raba farin allo, duk abin da aka rubuta wanda ke ɗaya ɓangaren ya gani. Malam ya sha wuya kafin ya saba da rubutu a ƙasa, ido a sama. Da ya saba, ya ja layukansa biyu a tsaye, allon ya koma gida uku kamar da. Umar Faruƙ ya ce ana iya ƙara shafi sabo in na farko ya cika. Malam ya ce malamin da allo ɗaya bai ishe shi ba, bai shirya darasinsa ba ne.

Suna karatu ranar Lahadi da hantsi, lokacin da maganin ke aiki. Rachida tana hawa barandar ɗakin haihuwa da wayarta, don nan ne rezo, wato sabis ɗin waya, ya fi kamawa. Duk da haka murya tana yankewa, allon yana tsayawa cak. Abin da take dogara da shi shi ne hoton allon da kawunta zai adana a ƙarshe ya aika mata. Hoto ɗaya ba nauyi, yana sauka ko rezo ya yi rauni. Ɗaukar bidiyon darasin gaba ɗaya sun gwada, wayarta ta kasa sauke shi, suka bari. Tsakanin haihuwa da haihuwa take buɗe hoton, ta ja shi da yatsu biyu, ta bi layi-layi.

Matsalar ita ce tsumma. A saman allon akwai maɓallin adanawa, kusa da shi kuma akwai na share komai, mai hoton kwandon shara. Hannun Malam ya fi sanin na biyun. Saboda haka kowane darasi yana ƙarewa da ihun Rachida.

“Kawu, adana! Kawu, kar ka taɓa kwandon nan!”

“Ke, ni za ki koya wa allo? Ina goge allo uwarki tana tallan ƙosai.”

“Na ji. Adana tukuna, sai ka yi mini gorin.”

Sau ɗaya ya riga ta, ya share. Ta ce ya danna kibiyar komawa baya, rubutun ya dawo duka, suka yi dariya. Da Umar Faruƙ ya ji labari, ya kunna masa wani saiti: da zarar an daina raba allo, kwamfuta za ta adana shi da kanta. Ya ce, “Baba, yanzu ko ka manta, ba komai.” Malam ya riƙe wannan magana.

Da watan Mayu ya yi nisa, hannun ya tsananta. Lahadi bayan Lahadi suna buɗe kira, alƙalamin ya yi ta tsalle a kan tablet, sifili ya fito kamar ganyen kuka. Abin da ya rage musu kuwa shi ne wanda ya kayar da ita a karon farko: babin lissafin da ake kira nazarin fonksiyon mai logaritim, daga iyaka zuwa derive, zuwa jadawalin hawa da sauka, zuwa zanen lanƙwasa. Tana da littafi. Littafin yana tsallake matakai, ita kuma a matakan da ake tsallakewa take ɓacewa.

Lahadin ƙarshe kafin jarrabawa Malam ya tashi hannunsa lafiya lau. Hadjo ta ce ta gan shi yana sa maɓallin riga ba tare da ya kira ta ba. Ya buɗe kira, ya ja layukansa, ya rubuta x cire logaritim na x a gidan farko. Ba su yi nisa ba hadari ya taso a Kolokondé. Muryar Rachida ta fara tsinkewa.

“Kawu, ruwa… in na faɗi ka ci gaba… ka aiko min…”

Sunanta ya ɓace daga kiran.

Ya ci gaba shi kaɗai. Hadjo tana tankaɗe gari a bakin ƙofa, tana jin sa yana magana da ɗaki ba kowa. “Derive ɗaya ne cire ɗaya bisa x. Ina yake zama sifili? A ɗaya. To duba hagu da shi.” Bai tsallake mataki ba. Inda ya san takan yi kuskuren alama, ya sauya launi zuwa ja, ya zagaye wurin, ya rubuta gargaɗi a gefe. Ya zana kibiya mai sauka da mai hawa. A gida na uku lanƙwasar ta sauko, ta tsaya a ƙasanta, ta hau, ba ko karkata. Ya jingina da kujera ya daɗe yana kallon allon.

Sannan ya yi abin da ya yi a ƙarshen kowane darasi tsawon rayuwarsa. Ya share allon, ya rufe kira.

Ba wanda ya yi ihu a wannan karon. Shi kansa bai lura ba. Ya ci abinci, ya yi azahar, ya dawo ya buɗe jakar da hotunan ke taruwa don ya aika. Sabon hoto yana nan da kwanan watan ranar. Fari ne fat.

Ya kira ɗansa.

“Ka ce tana adanawa da kanta.”

“Tana yi, Baba. Abin da ke kan allo lokacin da ka rufe, shi take adanawa. Me ke kai lokacin?”

Malam ya sake duban farin hoton.

“Baba, ka share?”

“Kibiyar nan fa ta komawa baya?”

“Sai kiran yana buɗe. Da ka rufe, allon ya tafi da shi.”

“Ba ya cikin tablet ɗin? Ai a kanta na rubuta.”

“Ita ba ta riƙe komai, Baba. Alƙalami ne kawai da faifai.”

Ya sake buɗe sabon allo nan take. Maganin ya riga ya sake shi. Layin farko da ya ja ya tafi kamar hanyar Kolokondé da damina. Ya gwada takarda da biro, abin ya fi muni. Ya gwada hagu. Hadjo ta ajiye rariya ta ce ya ba ta alƙalamin, ya riƙa faɗa tana zanawa. Karatun allo ta yi, ba ta yi boko ba, hannunta daga dama yake farawa.

“Wannan mai kamar ƙugiyar mahauta fa?”

“Sunanta baka. Buɗe ta, ki sa x a ciki.”

“Malam, ni fa in gishiri ne ko manja, kawo. Waɗannan aljanun naka ban san inda suke fuskanta ba.”

Sun yi layi biyu suka bari. Ya kira wani tsohon abokin aiki, ya tarar an tura shi tsaron jarrabawa a wani gari. Washegari hannun bai natsu ba, jibi ma haka. Ya ɗauki waya ya yi wa Rachida darasin da baki, saƙon murya bayan saƙon murya. Ta saurara a baranda, tana ƙoƙarin zana jadawalin daga abin da take ji. Ta aiko hoton takardarta. Kibiyoyin a juye suke. Ya ga kuskuren sarai, daidai wurin da ya zagaye da ja, amma ba shi da hannun da zai nuna mata.

Ba ta yi masa ƙorafi ba. Ta ce, “Kawu, ai laifina ne, ban tsaya na yi maka ihu ba.” Ya ce mata kar ta ƙara faɗin haka.

Ta zauna jarrabawar a Djougou. Babbar tambayar lissafi nazarin fonksiyon ce. Ta ce ta samo derive daidai, ta tsaya a alama, ta bar sauran. Da sakamako ya fito, sunanta ba ya ciki. Tana nan a ɗakin haihuwa na Kolokondé, tana dafa almakashi da riƙe fitila.

Malam Labbo bai sake rubuta allo cikakke ba. Tablet ɗin tana kan tebur, Hadjo ta lulluɓe ta da ɗankwali saboda ƙura. Jakar hotunan tana cikin kwamfuta, darasi bayan darasi, rubutun yana ƙara girma da karkacewa daga Janairu zuwa Mayu. Umar Faruƙ ya zo hutu, ya ga farin hoton a ƙarshe, ya ce bari ya goge shi tunda ba komai a ciki.

Malam ya ce ya bar shi.